Dala 100 ta «tantancewa»: don Allah kar wanda ya sake tura ko sisi

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman wanda yake da kuɗi a cikin wata manhajar kiripto da ta ƙi barin sa ya cire.

Maganata ɗaya ce. Duk dandalin da ya nuna maka riba a waya, sannan ya ce sai ka turo wani sabon kuɗi kafin ya sakar maka naka, to babu kuɗinka a wurinsa. Ba riƙe shi ya yi ba, babu shi ne gaba ɗaya. Wannan kuɗin da ake nema, ko an kira shi haraji, ko tantancewa, ko kuɗin buɗe asusu, sata ce ta biyu da ake yi wa wanda aka riga aka sace sau ɗaya. Na ga an fara yawo da irin wannan saƙo a gurufofinmu na hostel da na jihohi, har wasu na neman rance don su biya, shi ya sa na ce bari dai a faɗa a fili.

Ba sabon abu ba ne, kuma ba sai mun je nesa ba. Ku tuna CBEX. Ta shigo Najeriya a 2024 da alkawarin cewa za ta ninka maka kuɗinka, riba ɗari bisa ɗari, cikin wata guda. Ana zuba kuɗi da USDT, wato kiripto ɗin nan da darajarsa ke tafiya daidai da dalar Amurka. Kullum a turo maka «sigina», ka kwafa ka liƙa a manhaja, ka ga balas ɗinka ya ƙaru. A watan Afrilu na 2025 aka wayi gari cire kuɗi ya tsaya, daga baya mutane suka buɗe asusunsu suka ga an share. Wanda ke Ibadan a lokacin ya san yadda jama'a suka fasa ofishinsu na Oke Ado suka kwashe kayan ciki, kujeru ne, na'urar sanyaya ɗaki ce, duk abin da hannu ya kai. Hukumar SEC ta fito ta ce dandalin ba shi da rajista da ita, EFCC ta shiga bincike.

To amma abin da ya biyo baya shi ne abin da nake so mu tsaya a kai. Bayan an share kuɗin mutane, sai aka ce musu ai akwai hanyar dawo da shi: wanda balas ɗinsa bai wuce dala 1,000 ba ya biya dala 100, wanda ya wuce haka ya biya dala 200, a tantance shi, sai a buɗe masa. Kuma wallahi mutane sun biya. Har sai da SEC ta sake fitar da gargaɗi a kan wannan buƙatar kanta.

Bari mu yi lissafin da mutum ɗaya, don a ga yadda tarkon yake. A ɗauka ɗalibi ne ɗan aji uku, ba sai an ba shi suna ba. Ya haɗa kuɗin hayar ɗaki da ɗan abin da aka turo masa daga gida, ya sayi USDT na dala 200. A farashin lokacin, dala tana wajen naira 1,600, ka ga ya zuba kimanin naira 320,000 ke nan. Bayan wata ɗaya waya ta nuna masa 400. Bai cire ba, don an gaya masa in ya bari za ta ci gaba da haihuwa, kuma dama akwai wa'adin da in ka cire kafin ya cika za a yanke maka kaso mai tsoka. Wata na biyu 800. Wata na uku 1,600. A ransa yanzu yana da sama da naira miliyan biyu da rabi, har ya fara tambayar farashin kwamfuta, ya yi wa Hajiyarsa alkawarin abu a gida.

Sai ƙofa ta rufe. Aka ce ya kawo kuɗin tantancewa. Nawa? Tunda balas ɗinsa ya haura 1,000, nasa dala 200 ne. Ku duba da kyau: ainihin abin da ya fita daga aljihunsa 200 ne kacal. Sauran 1,400 ɗin lamba ce da su suka rubuta masa. Kuma wannan lambar ta ƙarya ita ce ta tura shi rukunin masu biyan kuɗi mai yawa. Wato ribar bogi ba ado ba ce, tana da aiki. Aikinta shi ne ta sa 200 ta zama ƙarama a idonsa. In ka ce wa mutum ya biya 200 don ya ceto 200, zai tsaya ya yi tunani. In ka ce ya biya 200 don ya ceto 1,600, zai tashi tsakar dare ya buga wa yayansa waya. Ya biya, asararsa ta tashi daga naira 320,000 ta koma 640,000, kuma rabi na biyun bashi ne.

Ita wannan lambar da ke kan waya, mu daina kiran ta kuɗi. Manhajar tasu ce, shafin nasu ne, rumbun da ake rubuta balas nasu ne. Duk ɗan aji biyu a sashen kwamfuta zai iya gina maka shafin da zai nuna kana da dala miliyan, da zanen kore da ja yana hawa yana sauka kamar na kasuwar gaske. Ba ciniki ake yi ba. Siginar da kake kwafa kullum ba ta saye ko sayar da komai, an ba ka ita ne don ka ji kamar aiki kake yi, kuma don ka riƙa shiga kana kallon lamba tana girma. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Kuma alkawarin kansa ba ya tsayawa in an sa masa kalkuleta. Dala 200 da ke ninkawa duk wata, in ta shekara, ta zama 819,200. In ta shekara biyu, ta haura dala biliyan uku. Daga kuɗin hayar ɗaki ɗaya. Mutumin da ke da injin da ke yin wannan, me zai yi da kuɗin ɗalibin da ke jiran dubu ashirin ta NELFUND a ƙarshen wata? Me zai sa ya buɗe ofis, ya buga riguna, ya raba wa mutane kamasho don su kawo masa abokansu? Da banki zai je, ko ma ya yi shiru ya ci abinsa shi kaɗai.

Yanzu mu zo kan hujjojin da ake kawowa na neman kuɗin, tunda kowanne an yi masa riga mai kama da gaskiya.

Na farko a ce kuɗin cirewa ne. To kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa gaban mai POS a bakin get. Ka ce a cire maka dubu goma, sai ya ɗauki cajinsa daga cikin kuɗin, ko ya ɗora a kan abin da zai ja daga asusunka. Akwai mai POS ɗin da ya taɓa ce maka ka koma ɗaki ka kawo masa ɗari biyu ta daban, in ba haka ba dubu gomarka ta maƙale har abada? Dandalin kiripto na gaskiya ma haka yake. In kana da USDT 100 ka ce a fitar, za a nuna maka cajin kafin ka danna, ɗan abu ne kamar dala ɗaya ko biyu a kan layin TRC20, a yanke daga ciki, sauran ya sauka a walet ɗinka. Saboda haka ga gwajin da ya fi kowanne sauƙi. Ka rubuta wa admin: na yarda da cajin, ku yanke 200 ɗin daga cikin 1,600 da nake da shi, ku turo mini 1,400. Mai riƙe da kuɗin gaske ba shi da dalilin ƙin wannan, riba ce ma a gare shi. Amma za ka ji an ce tsarin ba ya ba da dama, sai sabon kuɗi daga waje. Dalili ɗaya ne: ba a yanke 200 daga cikin abin da babu shi.

A nan akwai wata gaskiya ƙarama da suke fakewa da ita, gara in bayyana ta kar wani ya zo ya rikita ku. In USDT ɗinka yana cikin walet ɗinka na kanka, irin wanda kai ke riƙe da kalmomin sirrinsa, to kana bukatar ɗan TRX kafin ka iya tura shi a layin Tron, don da shi ake biyan kuɗin layi. Wannan gaskiya ne. Amma wannan TRX ɗin a walet ɗinka kake zuba shi, na 'yan daloli kaɗan ne, kuma ba ka tura shi adireshin wani mutum. Duk wanda ya ce ka turo masa dala 100 ko 200 «kuɗin layi» zuwa adireshin da ya ba ka a Telegram, sunan abin gaskiya ya ara ya rufe ƙarya da shi.

Na biyu a ce tantancewa ce. Tantancewa ta gaske takarda ake nema: NIN, BVN, hoton fuskarka, wani lokacin shaidar inda kake zaune. Ana son a san ko kai wane ne. Tura dala 100 ba ya nuna ko kai wane ne, abin da yake nunawa kawai shi ne har yanzu kana da sauran abin tatsa. In ma kun lura, tantancewar ba ta taso ba lokacin da kake zuba kuɗi, sai ranar da ka zo ɗauka.

Na uku a ce haraji ne, ko wai hukuma ta riƙe kuɗin saboda zargin halasta kuɗin haram, sai an biya a wanke. Haraji asusun gwamnati ake biyan sa, da naira, a ba ka rasit. Babu hukumar Najeriya da ke karɓar haraji da USDT ta hannun admin ɗin guruf. Kuma in da gaske hukuma ce ta rufe asusu, ba dala 200 ke buɗe shi ba.

Abin da ya sa nake cewa kar a biya ko na farkon shi ne ba ya ƙarewa. Ka biya tantancewa, allo ya nuna Pending kwana uku. Sai a ce ka yi kuskure wajen rubuta adireshi, asusu ya daskare, kawo kuɗin narkarwa. Ka biya, a ce matakinka ya yi ƙasa, sai ka ɗaga shi zuwa VIP. Kowane biya yana sa na gaba ya fi sauƙi, don yanzu ba ribar kake bi ba, abin da ka riga ka zuba kake bi. Kuma kullum da wa'adi: awa 24, awa 48, in ba ka biya ba a share asusun. Wa'adin nan ba don komai aka sa shi ba sai don kar ka samu lokacin tambayar wani mai hankali.

Na san amsar da za a ba ni a ƙasan rubutun nan, don na sha jin ta: ai wane ya cire, na ga alat ɗinsa da idona. Ƙwarai ya cire. Ba na musu. Tun zamanin MMM, wadda ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, haka abin yake tafiya. Na farko ana biyan su da kuɗin na baya. Wanda ya zuba 50 aka bar shi ya cire 100, kamfani bai yi asara ba, talla ya saya da araha. Shi zai ɗauki hoton alat ɗin ya watsa a guruf, mutum ashirin su shigo da ɗari bibbiyu. Har bayan an rufe ƙofa ma ana iya sakar wa mutum biyu ko uku kuɗi bayan sun biya tantancewa, don su zama shaida, ko kuma a ƙirƙiri hotunan kawai. Hoton waya ba hujja ba ne. In an ce an tura maka, ka nemi TxID, wato lambar shaidar turawar, ka liƙa ta a Tronscan. Littafin Tron a buɗe yake ga kowa, zai nuna maka adireshin da ya tura, wanda ya karɓa, nawa ne, da lokaci. In babu TxID, ko an ba ka wanda adireshin mai karɓa ba naka ba ne, ba a tura komai ba, duk abin da manhaja ta rubuta.

Wata amsar kuma ita ce takarda: ai suna da satifiket na CAC, har da na SCUML mai tambarin EFCC. Masu tallata CBEX ma sun yi ta nuna irin waɗannan takardu, na kamfanin ST Technologies. Rajistar CAC tana nufin an yi rajistar sunan kamfani ne kawai, mai shagon buga takardu a bakin makaranta ma zai iya samun ta. Ta SCUML kuwa EFCC da kanta ta bayyana cewa ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Mai ba da wannan izinin SEC ce, kuma tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta. A Agustan 2024 ta ba Busha da Quidax amincewar farko a matsayin dandalin musayar kiripto. Ban kawo sunansu don in ce ku zuba kuɗi can ba, kiripto ko a wurin mai lasisi ana asara a cikinsa. Na kawo ne don a san cewa akwai wurin dubawa, kuma dubawar ba ta kai minti biyar ba.

Yanzu ga inda wasu za su ji haushina. Waɗanda suka gina waɗannan manhajoji ba mu san su ba, ba su san mu ba, ba su san hanyar hostel ɗinmu ba. Ta hannun namu suke shigowa. Mu nan baƙi ne, kuma abin da ke riƙe da mu a garin mutane shi ne yarda da juna. Ɗan garinku ya ce abu mai kyau ne, ba ka tambayar takarda. Wanda ya tarbe ka a tasha ranar da ka fara zuwa, ya nema maka ɗaki, ya kai ka Sabo ka ci tuwo, in ya turo maka lambar gayyata ba za ka yi masa binciken da za ka yi wa baƙo ba. Wannan yardar ita ake sayarwa, kuma kamasho ake karɓa a kanta, kaso kaza a kan kowane mutum da ka shigar.

Malam mai gayyata, na yarda wataƙila kai ma da farko ba ka sani ba, kai ma naka kuɗin yana ciki. Amma daga ranar da cire kuɗi ya tsaya, ka sani. Duk saƙon da ka tura bayan wannan ranar kana cewa a yi haƙuri ana gyaran manhaja ne, a biya 100 ɗin a huta, ba kuskure ba ne kuma, aiki kake yi musu. Wasu ma ba don sun yarda suke yi ba, suna fatan in na ƙasa sun biya, za a sakar musu nasu. Wato ƙanenka na aji ɗaya ya ci bashi don kai ka fita. Sannan in wani ya yi tambaya a guruf a cire shi, a ce yana da baƙin ciki, ba ya son ci gaban 'yan uwa. Wane irin ci gaba ne wanda ba ya jure tambaya ɗaya? Kuma ku sani doka ta canza. Dokar zuba jari ta 2025, wadda shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Maris na shekarar, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi. «Ni ma turo mini aka yi» ba za ta yi maka lauya ba.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na jihohi, ku ma da ku nake. Guruf ɗin da aka buɗe don sanarwar tallafin karatu da motar tafiya gida hutu bai kamata ya zama kasuwar lambar gayyata ba. Ku goge, ku yi gargaɗi, wanda ya maimaita ku cire shi, ko da babban yaya ne.

Wanda kuma abin ya riga ya same shi, ɗan uwa, 'yar uwa, ba zan yi maka ƙarya ba: kiripto in ya fita, dawowarsa da wuya, don babu bankin da zai juya turawar. Amma akwai abin yi. Ka tsayar da biya yau. Kafin su rufe shafin ko su share guruf, ka ɗauki hoton komai: balas, saƙon da aka nemi kuɗin, adireshin da ka tura wa, TxID na kowace turawa, lambar wanda ya gayyace ka, da rasit ɗin banki in da naira ka biya wani ya saya maka. In akwai turawar naira a ciki, ka sanar da bankinka nan take, don wannan ɓangaren ne ya fi saurin bibiya. Ka kai ƙorafi a rubuce ga EFCC da SEC, kuma gara ku haɗu ku da yawa da adireshi iri ɗaya. Kamfanin Tether da ke fitar da USDT yana iya daskarar da kuɗi a adireshi in jami'an tsaro suka nema, shi ya sa adireshin da TxID suka fi kuka amfani. In ka ba su hoton katinka ko BVN, ka sa ido a kan asusunka, ka canza kalmar sirrin da ka yi amfani da ita in ita ce ta imel ɗinka.

Sai kuma ka shirya wa masu zuwa na uku. Da zarar ka rubuta a fili cewa an cuce ka, za a shigo maka ta akwatin saƙo: wai ƙwararre ne mai dawo da kiripto, wai lauya ne, wai jami'in hukuma ne, yana da hanya, sai dai ka fara biyan kuɗin aiki. Sau da yawa mutanen farkon ne suka sake riga, tunda sunanka da lambarka da adadin da ka zuba duk suna hannunsu. EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta karɓi ƙorafi.

Abu na ƙarshe, ka gaya wa gida. Na san wannan ya fi asarar kanta nauyi, musamman in kuɗin makaranta ne ko na wani aka ba ka ajiya. Amma masu tatsar nan da kunyarka suke aiki, sun san za ka gwammace ka ci bashin dubu ɗari uku a ɓoye da ka buga wa Baba waya ka faɗi gaskiya. Ka kira shi da asarar 320,000 tun ba ta zama 640,000 ba. In zangon nan ne rajista ta tsaya maka, ka je wurin shugaban sashenku ko ofishin kula da ɗalibai da wuri a ga abin da za a iya yi, kafin a rufe shafin rajista.

Wanda aka turo wa saƙon neman kuɗin cirewa a 'yan kwanakin nan, ya ajiye hotonsa a ƙasa, ya rufe sunansa da lambarsa, mu ga ko adireshi ɗaya ake ba kowa.